Rigar arba'in ta Zara'u

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, wadda aka rufe iyakar Najeriya har allura ta yi tsada, a ita ce Zara'u ta yi cikin fari. Mijinta Maharazu mutumin Kanambakashe ne, ita kuwa autar Biba ce ta Isawan. Da cikin ya tsufa, aka maido ta gaban uwarta ta haihu ta yi wankan jego, kamar yadda ake yi wa kowace ɗiya a haihuwar fari.

Da hakanan aka tsaya, babu labari. To amma uwar miji, Furera, tana da baki, kuma bakin nan ba ya kwana da yunwa ko a shekarar fari. A bakin rijiya ta ce da mata, tana jan guga:

"Isawan? Bana? Mi za su ba ta can, rairayi? Ku zuba ido, ran arba'in za su maido muna ita kamar sillen kara an rataya mishi riga."

Maganar ba ta kai la'asar a garin ba, ta hau jaki ta isa Isawan. Biba tana tankaɗe aka kawo mata ita da ɗuminta, har da yadda Furera ta taɓe baki. Ta ajiye rariya, ta shiga garke, ta dubi awakinta biyu da suka rage. Washegari ɗaya ta tafi kasuwa, ta dawo a matsayin gero da kanwa da yaji. Ɗayar aka bar ta saboda nono, ana ciyar da ita da abin da ko mutanen gida ba su samu ba. Biba ta yi wa kanta alkawari: ranar da za a mayar da autarta ɗakinta, sai Furera ta haɗiye maganar nan ba ruwa.

Shi Maharazu yaron kirki ne, sai dai kansa ba ya ɗaukar kaya biyu. Yana da turmin atamfa guda da ya saya tun iyaka na buɗe, ya ɓoye a ƙasan akwati. Zane ukku ke cikin turmi: ɗaya na ɗaurawa, ɗaya na riga, na ukku a yi goyo da kallabi. A lokacin ko kana da kuɗinka ba ka samun irinta a Mayahi, sai masu fasa-ƙwauri da ke wasan ɓuya da jandarma masu tsaron hanya.

Matan wajen ba su tsayawa gaban tela namiji ya zagaya su da metir ɗinsa na awo. Wa zai yarda? Tsohuwar riga ake aika mishi, ya shimfiɗa ta kan sabon zane ya bi sawunta. Da Zara'u ta sauka, ɗiya mace, Maharazu ya buɗe akwatinta na ɗakinsu ya zaro rigar da ta fi mishi kyau, ya kai wa Illo tela a kasuwar Mayahi, ya ce ta suna ce, a yi sauri. Bai sani ba, rigar nan Zara'u ta rage ta da hannunta har sau biyu lokacin da yunwa ta fara tatse mutane, tun kafin ciki. Awon mace ce da babu ita yanzu.

Ranar suna gida ya cika. Furera ta zo da ƙawayenta, ta zauna bakin ƙofar ɗaki inda ba abin da zai wuce ta. Aka warware rigar, mata suka yi guɗa, atamfa shuɗiya mai zanen fanka. Zara'u ta ɗaga hannuwa, Biba ta zura mata. Kai ya wuce. Hannuwa suka shiga rabi. Daga nan riga ta ce iyakarta ke nan.

"Inna, ja ƙasa!" in ji Zara'u daga cikin riga.

"Ina ja, Auta. Saki numfashi."

"Na saki! Wanda ya rage na rai ne."

Aka ja ƙasa, ta ƙi. Aka ja sama, ta ƙi. Ga mai jego tsaye tsakar ɗaki, hannuwa sama kamar wadda soja suka tsare a shinge, fuska a rufe, jinjira na tsala kuka tana neman nono, nono kuwa yana ɗaure. Wata tsohuwa ta ce a shafa man gyaɗa, wata ta ce a kira wanzami. Daga ƙarshe Biba ta ɗauko reza ta bi ɗinkin gefe a hankali, ta 'yanto ɗiyarta. Da ta duba cikin ɗinkin ko akwai abin da za a saki, ba ta tarar da ko faɗin ƙumba ba. Rigar ta tashi daga ta uwa, ta koma kallabi da 'yar rigar jinjira.

Biba dai ba ta rasa abin cewa ba. Ta juyo wajen mata tana murmushi:

"Kun gani ko? Kwana bakwai kacal na jego a gidanmu, riga ta ƙi ta."

Furera ta gyara zama. "Ayya Biba, ke da kika haifi takwas? Wannan ai kumburin haihuwa ne. Ki bari ya sace, sannan mu ga abin da Isawan ta zuba."

Abin da ya fi ƙona wa Biba rai, maganar gaskiya ce. Kuma gaskiya daga bakin Furera ta fi barkono zafi.

Saura zane ɗaya, na goyo. Biba ta ce goyo a yi shi da tsohon zane, wannan riga za a yi. Fushi bai bar ta ta jira ba. Kashegarin suna ta tufka siririyar igiyar kaba, don kaba ba ta miƙewa kamar tsumma, ta zagaya ƙirjin Zara'u ta ƙulla inda bakin igiya ya haɗu, ta yi wata a ciki, ta yi wata a dantse. Kowace ta yi ta biyu, ta soke na biyun a rufin ɗaki, don ta san surukinta yana iya ɗaure akuya da su a hanya.

Sai kuma aka zo wurin bayani. Suruka ba ta kallon idon mijin ɗiyarta, balle ta ambaci ƙirji a gabansa. Ta tsaya bayan zana, shi yana tsugune a waje yana kallon takalmansa.

"A gaya wa mutanen Kanambakashe," in ji Biba, tana magana da zana, "wagga igiya ta sama ce."

"To, Inna."

"Wagga ta tsakiya. Wagga ƙaramar kuwa ta reshe."

"Reshe, Inna?"

"Tela ya sani! A ce mishi kafin arba'in."

Maharazu ya kwashi igiyoyi da zane ya tafi yana maimaita sama, tsakiya, reshe, kamar mai hadda.

Aka shiga jego sosai. Itace ya yi wuya, ruwa ya yi nisa, amma safe da yamma sai tukunya ta tafasa, Biba ta tsoma ganye ta fyaɗa wa Zara'u har tururi ya rufe bayan ɗaki. Kunun kanwa kuwa ƙwarya guda, tana tsaye a kanta sai ta ga gindin ƙwarya. Jar dawar taimako da ake rabawa, ita Biba ke ci da sauran gida, gero na mai jego ne. In Zara'u ta ce ta ƙoshi, sai uwar ta ce: "Wannan ludayin ba naki ba ne, na Furera ne. Shanye."

Ana saura 'yan kwanaki arba'in, wata safiya Zara'u ta fito wanka tana ɗaura zane, Biba ta tsaya da muciya a hannu. Bakin zanen nan, da a makon suna da ƙyar yake kaiwa gefen cibiya, yau ya zarce har kan ƙugu. Duk macen da ta san kanta ta san wannan alama: in bakin zane ya sauya wurin tsayawa, jiki ya sauya. Biba ta ajiye muciya. Ta zaro igiyoyin nan daga rufin ɗaki.

Ta tsakiya, da aka zagaya aka kai ƙulli, sai da Biba ta zura hannunta har gwiwa tsakanin igiya da cikin Zara'u, da sauran wuri. Cikin ya koma. Ta dantse kuwa ta ƙi haɗuwa sam, kunu ya sauka nan. Ta ƙirji ta ɗan yi sako-sako, don a makon suna nono ya yi tsananin cika, yanzu ya daidaita.

Biba ta zauna kan turmi. Ta hango rigar da Illo ya ɗinka da waɗancan igiyoyi: hannu ya shaƙe dantse, ciki kuwa buhu, iska na kaɗa shi. Duk naman da akuyarta ta zama zai ɓace cikin yadi. Sillen kara an rataya mishi riga, daidai yadda aka faɗa a bakin rijiya, kuma da hannunta ta auna shi.

"Inna, ko na sa tsohuwar rigata?" in ji Zara'u.

"Ki koma gidan miji ran arba'in da tsumma? Gara in bi akuyata kasuwa a sayar da ni."

Ta tufka sababbin igiyoyi nan take. Wannan karon Zara'u ce ta kafa sharaɗi, don ita ta sha zaman kurkuku ranar suna. Ta tuɓe ta bar zane ɗaya marar kauri, ta miƙe tsaye sosai, ta ƙi riƙe numfashi, ta ce a auna ƙirji kafin jinjira ta sha, lokacin da ya fi cika, kuma sai yatsa ɗaya ya shiga ƙarƙashin igiya kafin a ƙulla. Biba ta bi, tana gunaguni. Mai jego ba ta fita, Maharazu kuwa an ga aikinsa. Ran kasuwa Biba ta hau motar Mayahi da kanta, ko Allah zai sa a ceci wani abu.

A cikin mota, tsakanin buhun kanwa da wani tsoho mai kaji, shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ita. Ya ce mata, riga in ta ɗan kama jiki ai ta fi nuna ƙiba. Biba ta duba hagu ta duba dama, ta kwance ƙullin ƙirji ta matsar da shi ciki yatsa biyu. Ta yi wa na dantse haka. Na ciki ma, don kada ya yi fushi. Jandarma suka tsayar da mota suna duba katin mutane, ta ɓoye igiyoyin cikin zane kamar kayan fasa-ƙwauri.

Illo tela taubashinta ne, ɗan kawunta, saboda haka tsakaninsu babu gaisuwar kirki. Ta same shi a rumfarsa ya nutse cikin tulin yadi iri ɗaya, kayan 'yan samariya, ƙungiyar matasan gwamnati, da za su tarbi kumandan mai mulkin yankin, ƙafarsa na taka keke kamar ana bin sa.

"Maƙaryacin Mayahi, kana nan da rai?"

"A'a, tsohuwar Isawan! Yunwa ba ta ɗauke ki ba? Ko ita ma ta ɗanɗana ta tofar?"

"Fito min da rigar ɗiyata in ga ɓarnar da ka yi."

Illo ya sosa ƙeya. Ya ɗaga wannan tuli, ya ɗaga wancan, ya leƙa ƙarƙashin tebur. Can ƙasa, inda kyanwarsa ke kwana, ya jawo zanen shuɗi. A ninke yake yadda Maharazu ya kawo shi, igiyoyi ukku na ɗaure a jikinsa. Almakashi bai taɓa shi ba.

Biba ta buɗe baki za ta yi zagin da ta tanada tun daga Isawan, sai ta ga babu wurin sa shi. Ta zauna kan benci.

"Kusan wata guda, Illo. Ba ka ko yanka ba."

"Da gangan," in ji Illo, ya gyara hula, ya ga hanya ta buɗe. "Ni zan yanka wa mai jego zane da awon makon suna? Dubi nan." Ya shimfiɗa tsofaffin igiyoyin kan metir. "Ta ciki ta kusa kamo ta ƙirji. Na ce wannan ko tulu aka auna, ko wadda ta sauka jiya. Jikin mai jego kamar gulbi ne da damina, ba a gina rumbu a bakinsa sai ruwa ya janye. A bari ta yi arba'in, ko kusa, sannan a auna. Wata ma sai ta yi wata ukku tana sauyawa."

"Kuma Maharazu da ya zo sau biyu, ka ce mishi saura maɓalli?"

"To, maɓallin ai da saura."

Masu rumfar kusa sun ce rabin zancen gaskiya ne: ya ga igiyoyin, ya yi shakka, ya ajiye don ya tambaya, sai aikin kumandan ya faɗo mishi ya manta da zanen har kyanwa ta gaje shi. Ko ma dai yaya ne, ranar nan ƙaryar tela ta yi abin da gaskiyar mutane da yawa ba ta yi ba.

Biba ta miƙa sababbin igiyoyi. Illo ya karɓa, ya bi su da yatsa, ya tsaya. Kaba ba ta mantuwa: inda aka taɓa ƙulla ta, sai ta bar lanƙwasa. Ga lanƙwasa, ga ƙulli, yatsa biyu tsakaninsu, a dukkan ukkun.

"Wa ya matsar da ƙullin nan?"

"Girgizar mota ce."

"Motar ta iya lissafi. Ukku duka, yatsa biyu-biyu." Ya yi dariya har keke ya motsa. "Biba, so kike a sake kiran reza? An ba mu labarin suna har nan, an ce hannunta sama kamar soja sun ce haut les mains, a ɗaga hannu."

"Rabin laifin naka ne, da ka ɗinka ba ka bar ko faɗin ƙumba a ciki ba."

"Na karɓi wannan. Sauri aka sa ni, kuma ba wanda ya ce min rigar kafin ciki ce. Amma yau da lanƙwasa zan yi aiki, ba da son zuciyarki ba."

Ya tambaye ta yadda aka auna, kan zane nawa, a tsaye ko a zaune, kafin shan nono ko bayansa. Da ya ji, ya ce ɗiyar ta fi uwar hankali. Kafaɗa da tsawon hannu ya ce zai ɗauka daga tsohuwar rigar da ke wurinsa, don ƙashi ba ya ƙiba, sai dai ya ɗan ƙara saboda naman kafaɗa. Gaba zai ƙara wa tsawo, don ƙirjin mai shayarwa yana ɗage riga. Wuya zai buɗe, da maɓalli a gaba saboda jinjira. Sannan a kowane gefe, da cikin hannu, zai bar rarar yadi yatsa ukku a ninke.

"Ɓarnar atamfa," in ji Biba.

"Ajiya ce. In ta ƙaru a saki, in ta ragu a kama. Rage riga wasa ne, ƙara ta sai da abin da aka bari. Kuma in ta yaye, ku sake aunawa, kada ku aiko min da wagga rigar a matsayin awo shekara goma. Riga ba ta san an haihu ba."

Biba ba ta bar rumfar ba. Ta zauna kan kayan 'yan samariya ta ce kumandan ya jira, ita ta riga shi. Illo ya yanka a gabanta, ya ɗinka a gabanta, tana ba shi labarin mutanen Isawan ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka roƙe ta kada ta faɗa. Kafin motar yamma ta tashi, riga na cikin ƙwaryarta.

Ran arba'in aka yi wa Zara'u kitso da lalle, ta sa riga. Ta shiga kamar an zuba ruwa a tulu. Ba ta kama ba, ba ta yi lilo ba, dantse ya cika hannu, wuya ya fito da ninkinsa biyu. Aka ɗauki gara, abin da ya samu a irin wannan shekara, aka nufi Kanambakashe.

Furera na tsakar gida da rundunarta ta bakin rijiya. Ta karɓi jinjira ta yi mata wasa, sannan ta taso ta zagaya Zara'u kamar mai sayen saniya. Ta latsa dantse ta ga ko zai loɓa, irin na kumburi. Bai loɓa ba. Ta ja kumatu. Mata suka fara 'yan tari. Da ta rasa abin kamawa, sai ta kama gefen riga ta juya cikinsa, ko an cusa tsumma. Yatsunta suka ci karo da ninkin nan.

"A'a! Biba, wannan tulin yadi da aka ɓoye a ciki fa? Telanku bai iya yanka ba, ko rigar wata ce aka rage?"

Biba ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda na bayan danga za su ji.

"Yaya Furera, ai wannan wurinku ne. Mu mutanen rairayi mun cika namu, ga shi kin taɓa da hannunki. Na ce da tela ya bar wa Kanambakashe yatsa ukku kowane gefe, tunda ku ke da abinci. In an kwana biyu ma zo mu ga ko an saki ɗinkin, ko kuwa kama shi aka yi."

Guɗa ta tashi, har da ta ƙawayen Furera, waɗanda dama sun gaji da ita. Maharazu da ke zaure ya ji guɗa ya ɗauka yabonsa ake yi, ya yi ta murmushi shi kaɗai.

Tun daga ranar Zara'u ba ta sake ɗaukar tulu ba. Fura da safe, fura da rana, ɗan abin da Maharazu ya samo daga kasuwar Tasawa sai ya bi ta ɗakinta tukuna. Kowace Juma'a tsohuwar na kiranta ta duba inda bakin zane ya tsaya. Da ruwa ya sauka aka ci sabon wake, ta tufka igiyar kaba da hannunta ta auna surukarta, ta zauna a ƙofar gida inda kowa zai gani, tana farke ɗinkin gefe da reza. Yatsa ɗaya kawai aka saki. Ta aika Isawan a gaya wa Biba biyu ne.